Makin tantance sibi ba tare da dalili ba, alfarma ce sanye da kwat

1/ Zare ne, kuma dogo. Mun saba cewa "ai sai da hanya" duk lokacin da aka fitar da sunayen waɗanda za a kira intabiyu. Ni ina ganin sau da yawa ma babu mai hanyar. Mutum ɗaya ne kawai aka jibge wa sibi 240, ya gaji, ya zaɓi waɗanda suka yi masa kyau a ido.

2/ Matsayata ita ce: duk wanda zai tace masu neman aiki ya fitar da jadawali mai maki, kuma gaban kowane maki a sami dalili na layi ɗaya da wani zai iya buɗe takardar ya tabbatar. Maki shi kaɗai bai ishe ni ba. Bari mu bi misali.

3/ A ce wani kamfanin casar shinkafa a Kano yana neman jami'in sito. Sanarwar ta ce: digiri ko babbar difloma a fannin akanta, an gama bautar ƙasa, an taɓa riƙe lissafin kaya, an iya Excel, an iya daidaita lissafi, kuma ana jin Hausa da Turanci saboda manoma da direbobi.

4/ Waɗannan shida ba matsayinsu ɗaya ba. Biyun farko ƙofa ce, ko ka shiga ko ba ka shiga ba, babu maki a kansu. In ka ba su maki, wanda bai cika sharaɗi ba zai iya cike gibin da makin wani wuri ya haye sama.

5/ Amma a lura da ƙofar bautar ƙasa. Wanda ya gama karatu bayan ya wuce shekara 30 takardar yafewa ake ba shi, kuma halastacciya ce. Mai tacewa da ke neman kalmar "na gama" kaɗai zai zubar da shi babu laifin tsaye babu na zaune.

6/ Lissafin lokaci ma yana goyon bayan raba su. Sibi 240 a minti biyar-biyar awa 20 ne. Duba ƙofa kawai a minti ɗaya-ɗaya awa 4 ne. In 90 suka tsallake, karatunsu a tsanake awa bakwai da rabi. Kai bai riga ya ɗau zafi ba.

7/ Sauran huɗun su ake ba nauyi, jimilla 100. Lissafin kaya 40, Excel 30, daidaita lissafi 20, harshe 10. Kowanne kuma maki 0 zuwa 3, a rubuta ma'anarsu. A lissafin kaya misali: 0 bai ambata ba, 1 ya ambata babu hujja, 2 ya faɗi inda ya yi da tsawon lokaci, 3 ya faɗi abin da ya riƙe da kansa.

8/ In nauyin yana layi na 2, masu nema sun fara daga layi na 3, wannan ya wadatar:

```
=ROUND(SUMPRODUCT(B3:E3,$B$2:$E$2)/3,0)
```

9/ Ga yadda layi biyu za su fito, da lamba maimakon suna.

017: 3, 2, 2, 3. Jimilla 83. Dalili: shekara uku tana riƙe katin kaya a sito na taki, tana ƙidaya duk wata. Excel na shigar da bayanai ne kawai.

112: 1, 3, 3, 1. Jimilla 67. Dalili: ƙwararre a Excel da daidaita lissafin banki. Ya rubuta "kula da kaya" amma bai faɗi inda ya yi ba.

10/ Yanzu ga inda nake so ku tsaya. A ce bayan an ga sakamako, oga ya ce ai Excel ya fi muhimmanci, a mai da shi 50, lissafin kaya ya koma 20. Ba a taɓa makin kowa ba fa. Amma 017 ta sauko 77, 112 ya hau 80. An juya jeri kaf, kuma jadawalin yana nan tsaf kamar ba a yi komai ba.

11/ Shi ya sa nake cewa a rubuta nauyin, wanda zai yi aiki da sabon ma'aikacin ya sa hannu, a sa kwanan wata, kafin a buɗe takarda ta farko. Canza nauyi ba haramun ba ne in an gano buƙatar aikin ta bambanta. Canza shi bayan ka ga sunan wanda ke kan gaba, wannan kam mun san sunansa.

12/ Sai dalilin. "Ya cancanta" ba dalili ba ne. "Ba ta burge ni ba" ba dalili ba ne. Gwajin mai sauƙi ne: miƙa wa wani takardar da layin da ka rubuta, zai iya nuna wurin da yatsa? In ba zai iya ba, ra'ayinka ka rubuta.

13/ Kuma "bai ambata ba" daban, "ba shi da shi" daban. Da yawanmu sibi a shagon kwamfuta aka buga mana, an kwafo na wani an canza suna. Wanda ya shekara huɗu yana rubuta shige da ficen buhuna a shagon kawunsa a Dawanau ba lallai ya ɗauke shi aiki ba, balle ya rubuta. Dalilin ya faɗi gaskiya: ba a gani a takarda ba. Tambayar intabiyu ke nan ta samu.

14/ Na san abin da wasu za su ce, mutum ba lamba ba ne. Haka ne, kuma lambar ma ba ta kai yadda take nuna kanta ba. A ma'auni mai nauyin 40, maki ɗaya tak yana motsa jimilla da kusan 13. To wanda ya sami 67 da wanda ya sami 63, wallahi babu wanda ya isa ya rantse ɗaya ya fi ɗaya. In layin yankewa ya faɗo tsakaninsu, mutum na biyu ya sake karanta su, ba tare da ya ga makin farko ba.

15/ Amma in aka ajiye lambar, me ya rage? Zuciyar mai tacewa da ƙarfe huɗu na yamma. Ita ba a iya bincikarta. Jadawali ko mai kuskure ne, ana iya kama shi.

16/ Yadda ake gane ya lalace: kusan kowa 2 yake samu, alamar mai tacewa ya daina yanke hukunci. Ko takardun farko sun sha tsanani, na ƙarshe sun sha sassauci. Maganinsa mutum biyu su yi wa 20 na farko maki kowa shi kaɗai, su kwatanta. Inda suka saɓa, ma'anar makin ce ba ta fito ba, a gyara ta kafin a ci gaba.

17/ Abu ɗaya da sibinmu na nan ke ɗauke da shi: jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure, hoto. Jami'in sito ba ya buƙatar ko ɗaya don ƙirga buhu. Wanda ba ya cikin masu ba da maki ya rufe su ya sa lamba. Kuma jadawalin ba na yawo a guruf ɗin WhatsApp ba ne, bayanan mutane ne, akwai dokar kare bayanai ta 2023 a kansu.

18/ Masu nema kuma, ku dubi layin 112 da kyau. Da ya rubuta wurin da ya kula da kayan da tsawon lokacin da ya yi, 1 ɗin nan ya zama 2, jimillarsa ta tashi daga 67 zuwa 80.