Ku Daina Tara Saƙonnin WhatsApp Kuna Cewa Za Ku Koya Wa Waya Magana Da Hausa

Jama'a, wannan abu ya ishe ni. Jiya wani ya kawo min waya in canza masa gilashi, yana ta cika baki wai ya tara saƙonnin murya na awa 10 daga mutane daban-daban, zai haɗa manhajar da ke karanta rubutun Hausa da murya. Na ce masa malam, datarka kawai ka ƙona.

Injin nan kwaikwayo yake yi, duk abin da ka ba shi shi zai dawo maka. Ka ba shi muryar mutum 50, wani Bakano wani Basakkwace, zai fito da muryar da ba ta kowa ba. Kuma WhatsApp yana matse sauti, ga ƙarar janareta da fanka a ciki. Duk zai haddace su.

Kar ka ce yawa ne maganin. LJSpeech da ake koyar da injin Turanci da shi kusan awa 24 ne, amma mace ɗaya ce ta karanta. Kai ma ba daga tushe za ka fara ba. A manhaja irin Piper kana iya ɗaukar muryar da aka riga aka horar ka ɗora taka a kai. A nan awa 1 mai tsabta ta fi waccan awa 10 ɗin.

Samu mutum ɗaya, ɗaki ɗaya mai labule da katifa don kar sauti ya yi amsa-kuwwa, waya ɗaya, tazara ɗaya daga baki. Ya karanta jimla-jimla, kowace sakan 3 zuwa 10. Sai ka mayar da kowane fayil haka:

```
ffmpeg -i 001.m4a -ar 22050 -ac 1 001.wav
```

Inda aka fi faɗuwa kuma shi ne rubutu. Kowace jimla tana da layinta a metadata.csv, kuma dole ya yi daidai da abin da aka furta. Kar ka sa 250, rubuta ɗari biyu da hamsin. In ka rubuta kafa alhali ƙafa aka ce, ka koya wa injin cewa k da ƙ abu ɗaya ne.

Akwai wadda ta fi wannan. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Saka irin waɗannan kalmomi cikin jimloli da yawa, kowace da ma'anarta.

In ka gama, ba shi jimlar da bai taɓa gani ba: "Na je gari na sayo garin masara." In ya furta su iri ɗaya, aiki bai ƙare ba.

Kuma ka nemi izinin mai muryar a rubuce kafin ka fara. Muryarsa ce za ta riƙa faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.