Karatun Yamma Ko Hutu Ba Albashi: A Yi Lissafi Kafin A Sa Hannu

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa tsakanin 'yan'uwanmu ma'aikata masu son ƙaro ilimi, musamman malaman makaranta da ke riƙe da takardar NCE suna hangen digiri. Wasu suna cewa mutum ya riƙe aikinsa ya riƙa zuwa karatun yamma ko na ƙarshen mako. Wasu kuma suna ganin ba a gudu ana susar takashi, don haka gara ya ɗauki hutun ƙaro ilimi ba tare da albashi ba, ya dawo ɗalibi sosai ya gama cikin lokaci. Ni a nawa ra'ayin, ga mai iyali wanda albashi ne kaɗai abin dogaronsa, karatun yamma shi ya fi, in dai zai rage yawan kwasa-kwasan da yake ɗauka kuma ya nemi izini a rubuce. Hutu ba albashi kuwa na wasu 'yan tsiraru ne da zan ambata a gaba. Ga hujjojina, mai karatu ya auna da kansa.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga wani malamin firamare a Agege ta Legas ko Sabo ta Ibadan, yana da NCE, yana da mata da 'ya'ya uku, albashinsa naira 100,000 a wata. Wannan adadi na ɗauke shi ne don sauƙin lissafi, kowa sai ya sa nasa a gurbinsa. Idan ya samu shiga jami'a kai tsaye da takardarsa, zai fara daga aji biyu, ya yi shekara uku. Shekara uku wata 36 ke nan, wato ya haƙura da naira 3,600,000 tun kafin a zo maganar kuɗin makaranta da na littattafai. Mafi yawan masu ba da shawarar hutu kuɗin rajista kawai suke kallo, alhali babban kuɗin da karatun yake ci shi ne albashin da ba za a karɓa ba, ga kuma kuɗin haya da cefane da ba sa zuwa hutu.

Bayan wannan akwai wata asarar da ba a ganinta sai tsufa ya zo. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari a asusunsa na fansho kowane wata, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba aƙalla kashi 10. Idan ɓangaren albashin malamin nan da ake lissafa fansho a kai naira 80,000 ne, to naira 14,400 ke shiga asusunsa duk wata. A wata 36 ya zama naira 518,400, ban da ribar da kuɗin za su tara kafin ya yi ritaya. Tun da daga albashi ake cirewa, ranar da albashi ya tsaya zubin ma ya tsaya. Wannan ya shafi duk wanda wurin aikinsa yake bin tsarin fansho na zubi.

To, me digirin zai ƙara masa? A tsarin aikin gwamnati ana ɗaukar mai NCE a mataki na 7, mai digiri kuma a mataki na 8. Malamin da ya shekara biyar ko shida yana aiki ya riga ya taka mataki na 8 da ƙarin girma na yau da kullum, saboda haka digiri ba zai ninka masa albashi washegari ba. Amfaninsa na gaba ne, domin a wurare da yawa mai NCE yana tsayawa a mataki na 14, mai digiri kuwa hanya a buɗe take gare shi ya wuce nan. Mu ƙaddara ma digirin ya ƙara masa naira 15,000 a wata. Kafin wannan ƙari ya cike gurbin naira 3,600,000 sai an yi wata 240, wato shekara 20 cur. Shi kuwa wanda ya bi karatun yamma, ko da ya yi shekara biyar maimakon uku, jinkirin wata 24 ne kawai, abin da ya rasa bai wuce naira 360,000 ba. Gaskiya ne kuɗin makarantar masu karatun yamma ya fi na sauran ɗalibai tsada a jami'o'in gwamnati, amma da wuya bambancin ya kai albashin shekara uku.

Har ila yau, lissafin shekara uku ya dogara ne a kan cewa kalandar jami'a za ta tafi daidai, mu kuwa ɗalibai mun san yadda abin yake. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi yajin aiki na kusan wata tara, a 2022 kuma ta yi na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Duk wanda ya ɗauki hutun shekara uku a wancan tsakani, hutunsa ya ƙare karatu bai ƙare ba. Daga nan sai ya koma neman a tsawaita masa, wanda ba dole ne a amince ba, ko kuwa ya koma bakin aiki da rabin digiri. Mai karatun yamma shi ma yajin aiki yana iya jinkirta shi, amma yana jira ne albashinsa na shigowa.

Duk da haka, kada wani ya ɗauka karatun yamma kyauta ne. Shi ma yana da farashinsa, sai dai da lokaci ake biya. Mako ɗaya awa 168 ne. Cire awa 40 na aiki da awa 49 na barci. A gari irin Legas, tsakanin gida da wurin aiki da makaranta, awa uku a hanya kowace rana ba abin mamaki ba ne, kwana shida ya zama awa 18. Cire awa 28 na ibada da cin abinci da hidimar iyali. Abin da ya rage awa 33 ne. Malamanmu sukan ce kowace awa ɗaya ta lacca tana buƙatar awa biyu na nazari. Ke nan wanda ya ɗauki kwasa-kwasan da suka kai awa 12 na lacca a mako yana buƙatar awa 36, kuma ba shi da su. Wanda ya tsaya a awa 9 yana buƙatar 27, ya samu 'yar rarar da zai je jana'iza ko ya kai yaro asibiti. Wannan shi ya sa na ce sharaɗin farko shi ne rage kaya, kada a yi ƙoƙarin gamawa tare da wanda ba shi da aikin komai sai karatu.

Akwai alamomin da mutum zai gane kaya sun yi masa yawa tun kafin jarrabawa ta faɗa masa. Zai ga ya fara dogara da kwafar littafin abokinsa maimakon shiga aji, alhali jami'o'i da dama suna shardanta halartar kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a zauna jarrabawa. Zai ga aikin jinga sai daren da za a miƙa yake yin sa. A wurin aiki kuma takardun yara sun taru bai duba ba, shugaban makaranta ya fara tambayar dalilin tashinsa da wuri. Idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, maganin shi ne ya ajiye kwas ɗaya a zango mai zuwa. Idan ya nace, kwas ɗin da ya faɗi zai biyo shi shekara ta gaba ya haɗu da sababbi, a wayi gari an yi biyu-babu, ba karatu ba aiki.

Sharaɗi na biyu ya shafi ɓangarorin biyu, wato izini a rubuce. Mutane da yawa suna fara karatun yamma a ɓoye, suna ganin ai lokacinsu ne. Sai bayan sun kawo takardar digiri don a daidaita musu matsayi a tambaye su ina takardar amincewa, daga nan fayil ya kwanta. Hanyar da ta dace ita ce mutum ya rubuta takardar neman izini ta hannun shugabansa, ya haɗa da kwafin takardar samun gurbi, ya jira amsa, sannan ya adana kwafi a gida. Mai neman hutu ba albashi shi ya fi buƙatar wannan. Ya tabbata an riga an tabbatar da shi a aiki, abin da a gwamnati yakan zo bayan shekara biyu na gwaji, kuma takardar ta faɗi ranar tafiya da ranar dawowa. Wanda ya tafi a kan alkawarin baki ana iya lissafa shi cikin waɗanda suka gudu daga aiki. A kamfani ko makarantar kuɗi kuwa, sau da yawa hutun shekara uku sunansa ajiye aiki, domin ba mai riƙe maka kujera tsawon wannan lokaci.

To su wane ne hutun ya dace da su? Na farko, wanda fanninsa ba ya yiwuwa da yamma. Aikin likita yana buƙatar yini a asibitin koyarwa, kuma makarantar horar da lauyoyi ta Nijeriya ba ta karɓar digirin lauya na karatun wucin-gadi. Na biyu, matashin da bai tara iyali ba, wanda yake son ya yi bautar ƙasa, domin hukumar ba ta tura waɗanda suka yi karatun yamma, takardar cirewa kawai take ba su. Wanda zai haura shekara 30 kafin ya gama kuwa wannan bai dame shi ba, tun da ko ta wace hanya ya bi ba za a tura shi ba. Na uku, wanda ya samu tallafin karatu ko yake da wata sana'a da za ta riƙe gidansa na tsawon karatun, har da ƙarin shekara ɗaya saboda yajin aiki. Shi ma kafin ya nemi hutu ba albashi, ya fara bincika ko ya cancanci hutu da albashi, wanda yakan zo da yarjejeniyar dawowa a yi wa ma'aikata aiki na wasu shekaru.

Ga sauran jama'a kuwa, ƙofofi suna da yawa. Akwai karatun da jami'o'i ke shirya wa malaman makaranta a lokacin dogon hutu, akwai cibiyoyin karatu daga nesa na jami'o'in Legas da Ibadan, akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya da aka farfaɗo da ita a 2002. Abin lura kawai shi ne a tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta amince da kwas ɗin kafin a biya ko kwabo.

Daga ƙarshe, shawarata ga ɗan'uwa ko 'yar'uwar da ke kan wannan mararraba ita ce, ya ɗauki biro da takarda ya rubuta albashinsa sau watannin karatu a gefe ɗaya, ya rubuta awoyin da suka rage masa a mako a ɗaya gefen, sannan ya zauna da iyalinsa su duba tare, tun da su ma za su ɗanɗana ko wanne aka zaɓa. Idan awoyin sun kai 27, ya riƙe aikinsa ya tafi a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.