"Mai Kyau Ne" Bai Isa Siffanta Yadi Ba

Wata ƙanwata a Maiyama ta ga hoton yadi a waya, mai sayarwa a Kano ya ce mata satin ne mai kyau, ta biya yadi huɗu don doguwar rigar biki mai tattara. Da tela ya gama, sai tattarar ta tsaya ƙiƙam a ƙugu maimakon ta zuba. Mai kayan bai yi ƙarya ba. Ba a tambaye shi abin da ya kamata ba ne: yaya yadin yake zuba?

Ra'ayina shi ne, tunda ciniki ya koma waya, wajibi ne mu riƙa siffanta zubin yadi kamar yadda muke faɗin launinsa da farashinsa. Suna kaɗai ba ya wadatarwa. Satin, alal misali, salon saƙa ne, ba nau'in zare ba. Zaren yana tsallake wasu zaruruwa a fuskar yadin, shi ya sa yake sheƙi da santsi. Don haka akwai mara nauyi da ke kwanciya a jiki ya nuna kowace gaɓa, akwai kuma mai kauri da ke tsayawa da kansa, irin wanda ƙanwata ta samu.

Kirif kuwa da murɗaɗɗen zare ake saƙa shi, fuskarsa da ɗan gurza-gurza, ba ya sheƙi. Yana sauka kai tsaye ba tare da manne wa jiki ba, abin da ya sa masu ɗinkin abaya ke sonsa. Shifon shara-shara ne, iska kaɗan ke ɗaga shi, ya dace da gyale, amma riga sai da shafi. Shadda, wadda auduga ce mai jiki, ba a sayenta don ta zuba. Tsayuwarta ce kwarjinin babbar riga.

Gwajin ba shi da wuya, ko a rumfar kasuwar Jega ko ta bidiyo. A ɗora yadin a kan damtse ya sauka ta ɓangarorin biyu. Idan ya yi ninki ƙanana da yawa kusa da juna, mai zuba ne. Idan ninkin biyu ne ko uku, manya, suna buɗewa waje, mai tsayawa ne.

Za a ce ai hannu ya fi baki sanin yadi. Gaskiya ne, amma hannun ma yana ruɗuwa, domin sabon yadi yakan zo da sitaci, wanki ɗaya ya sauya zubinsa. Saboda haka a tambayi mai kaya abu uku: yana zuba ko yana tsayawa, ana ganin haske ta cikinsa, kuma yaya yake bayan wanki? Wanda ya kasa amsawa, a nemi ƙyalle kafin a tura kuɗi.