Miliyan 5 a hannu: littafin da zai ceci ɗan kasuwar Cadakori

A kasuwannin hatsi na jihar Maraɗi, daga Cadakori da Gidan Runji zuwa Agye da Gazawa, ana cinikin wake da aya da gyaɗa na miliyoyin sefa da kuɗi a hannu, ba rasit, ba rubutu. Amana ce ke riƙe da harkar. Sai dai doka ta daɗe da ɗora wa mai karɓar irin wannan kuɗi nauyi, kuma rashin saninta ba ya wanke kowa.

Dokar Nijar mai lamba 2016-33 ta ranar 31 ga Oktoba 2016, wadda ta samo asali daga ƙa'idar bai-ɗaya ta ƙasashe masu amfani da sefa a yammacin Afirka, ba bankuna kaɗai ta shafa ba a lokacin da take aiki. Ta haɗa da duk mai sayar da haja da ya karɓi tsabar kuɗi daga sefa miliyan 5 zuwa sama, ko an biya lokaci guda ko an rarraba biyan. Abin da ta nema a wurinsa shi ne ya san wanda ke biya ta hanyar takardar shaida mai hoto, ya san mai kuɗin na ainihi, ya adana bayanin shekara 10, ya kuma sanar da hukumar CENTIF da ke Yamai idan ya yi zargin kuɗin na laifi ne. An hana shi faɗa wa mai sayen cewa ya kai rahoto.

A ɗauki misali. Wani baƙo ya zo wurin mai sito a Cadakori yana son wake na miliyan 16. Bai taya ba, ya amince da farashin farko. Ya ce zai biya miliyan huɗu-huɗu cikin mako guda, kowane biya ta hannun wani yaro daban. Kowane kaso bai kai miliyan 5 ba, amma a idon doka ciniki ɗaya ne, domin haja ɗaya ce kuma mai saye ɗaya ne. Alamomin da ya kamata su tsayar da mai siton suna nan a fili: rarraba kuɗi ba dalili, rashin damuwa da farashi, da ɓoye mai kuɗin. Ɗan kasuwa na gaske yana jayayya a kan dala ɗaya a tiya. Wanda ke son mayar da kuɗin fansa ko na satar shanu su koma buhunan wake ba ya jin zafin asara kaɗan.

Daga nan ne matsalar ke komawa kan mai sito. Ranar da ya kai miliyan 16 ɗin banki a Maraɗi, dole bankin ya sanar da CENTIF, domin tun watan Satumba 2017 babban bankin BCEAO ya tsayar da miliyan 15 a matsayin iyakar da ake bayyana hada-hadar tsabar kuɗi. Sunan da zai shiga takarda nasa ne, baƙon kuwa ya yi gaba da wake. Idan bincike ya taso, "wani Alhaji ne daga ƙetaren iyaka" ba amsa ba ce. Shafi ɗaya mai ɗauke da suna, lambar katin ɗan ƙasa, kwanan wata, yawan buhuna da ranakun biya shi ne zai raba shi da zargi.

'Yan kasuwa na da hujjar da ba za a raina ba. Neman kati a hannun mai saye tamkar ƙaryata shi ne, kuma zai iya tsallakawa rumfar maƙwabci. Ga shi mutanen karkara da dama ba su da katin. Amma maganin wannan shi ne a mayar da abin ƙa'idar kasuwa baki ɗaya: idan sarkin kasuwa da dillalai suka amince cewa duk cinikin da ya kai miliyan 5 sai an rubuta, babu wanda zai ji an ware shi, babu kuma rumfar da za a gudu zuwa.

Masu zaman ƙasashen waje ma abin ya shafe su. Wanda ya aiko wa ƙanensa kuɗi daga Abijan ko Aljeriya don a sayi hatsi a ajiye, shi ne mai kuɗin na ainihi. Ya kamata ya aiko ta hanyar da ke ba da rasit, ya kuma yarda a rubuta sunansa, don kada a bar ƙanen da tambayar da ba zai iya amsawa ba.

Hukuma kuma ba za ta hukunta mutane a kan dokar da ke rubuce da Faransanci a Yamai ba tare da ta kawo musu ita ba. CENTIF da majalisar 'yan kasuwa ta Maraɗi na iya fitar da takardar rajista mai shafi ɗaya da Hausa, a yi bayaninta a gidajen rediyon karkara kafin kaka, lokacin da manyan kuɗi ke shigowa kasuwa.