Hoto ya ce faifan baya ya turo: shi ke sa ciwon?

Ka biya kuɗi masu yawa an yi maka hoton MRI saboda ciwon baya, aka miƙo maka takarda da Turancin likitoci. Wani da ya iya karatunta ya duba ya ce faifan da ke tsakanin L4/L5 ya turo. Tun daga ranar ka daina sunkuyawa, sallah ma a kan kujera kake yi, har ka fara tambayar kuɗin tiyata. Dakata tukuna, mu karanta takardar tare.

A ƙugu akwai ƙasusuwa biyar jere, L1 zuwa L5, sai S1 a ƙarƙashinsu. Tsakanin kowane biyu akwai faifai na guringuntsi mai kama da ɗan matashin kai, shi ke hana su gogar juna. Yayin da shekaru ke tafiya ruwan cikinsa yana raguwa, sai ya ɗan baje, gefensa ya leƙo kamar tayar da iska ta yi wa kaɗan. Wannan shi ne turowar da takarda ke faɗa. Ta sha bamban da a ce faifan ya tsage, abin cikinsa ya fito ya danne jijiya.

Abin da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba shi ne, masu lafiya ma haka nasu yake. A 1994 an wallafa wani bincike a Amurka inda aka ɗauki hoton mutum 98 da babu mai ciwon baya a cikinsu, aka tarar fiye da rabinsu faifai ya turo. A 2015 kuma aka tattara bincike da dama kan mutanen da ba sa jin ciwon komai: kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20 suna da ita, rabin 'yan shekara 40, sannan kashi 84 na 'yan shekara 80. A ganina furfura ce, sai dai ta ciki, wadda madubi ba ya nunawa.

To yaushe ne faifan ke da laifi? Sai labarin jikinka ya yi daidai da na hoton. Kowace jijiya da hanyarta. Idan faifan L4/L5 ya danne jijiya, yawanci ciwon kan gangaro ta gefen ƙwauri zuwa bayan ƙafa da babban yatsa, har ɗaga yatsan ya yi wuya. Idan na L5/S1 ne, ta bayan cinya yake bi zuwa diddige da ƙaramin yatsa, mutum ya kasa yin ɗage. Ciwo ne mai fizga kamar wutar lantarki, ƙafa kan fi baya ciwo, tari ko atishawa na iya tsananta shi.

A ce mace ce mai shekara 45. Ciwonta a tsakiyar ƙugu yake, yana tashi idan ta daɗe tana wanki a duƙe, yana lafawa idan ta ɗan zagaya, bai taɓa sauka ƙasan gwiwa ba. Takardarta ta ce faifan L4/L5 ya turo kaɗan ta hagu, bai taɓa jijiya ba. Likita ya kwantar da ita ya ɗaga ƙafarta a miƙe, babu fizga. Ta taka a kan diddige, ta yi ɗage, duk lafiya. Wannan turowar wataƙila ta shekara goma a wurin kafin ciwon ya zo, kuma tiyata a kanta ba za ta raba ta da shi ba. Irin wannan ciwon galibi yana sauƙi cikin mako shida idan aka ci gaba da motsi. Kwanciya kwana da kwanaki don tsoron kada faifai ya “fashe” ƙara sandarar da bayan take yi.

Saboda haka idan ka koma asibiti, tambayi likita abu biyu: takardar ta ce an danne jijiya? In an danne, gefe da wurin sun dace da inda nake jin ciwo? Hagu a takarda, dama a jiki, ai ba su haɗu ba.

Amma akwai alamun da ba a jira da su, ko me takarda ta ce. Fitsari ya ƙi fita ko yana zubowa ba ka sani ba, bayan gida yana kuɓucewa, tsakanin cinyoyi da mazaunai sun mutu ba ka jin taɓawa, ko ƙafa tana ƙara rauni har tana jan ƙasa: a ranar za ka tafi asibiti. Haka nan ciwon baya mai haɗe da zazzaɓi, gumin dare da rama, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma a ƙasashenmu ba baƙo ba ne.