Marsiyyar da ba ta yi kuka ba, da me za ta yi tawakkali?

A gidajen makoki na Minanata, kamar sauran unguwannin Sakkwato, kalmar da ta fi yawo a kwanaki ukun farko ita ce haƙuri. Mai shigowa ya faɗa, mai fita ya maimaita, kuma daidai ne, domin wanda aka yi wa rasuwa yana bukatar abin dafawa kafin ƙafafunsa su dawo. Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki wannan kalma ta zaure aka mayar da ita waƙa gaba ɗaya. Marsiyyoyi da yawa da ake rerawa yanzu sukan buɗe da haƙuri, su ratsa ta jerin kyawawan halayen mamaci, su rufe da haƙuri. Mai sauraro ya ce amin, ya tashi bai ji an rasa kowa ba. Irin wannan waƙa ba ta fi ta magabata tsoron Allah ba. Ta dai fi ta tsoron bakin mutane.

Garin nan kuwa yana da malama a wannan fanni. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, kuma kabarinta ke Hubbaren Shehu, ta yi tsawon ran da ya sa ta binne kusan duk waɗanda ta taso tare da su. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha a tsakiyar shekarun 1850. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta suka buga a 1997. Wanda ya karanta marsiyyarta ga Bello zai tarar da mace mai shekara arba'in da 'yan kai, malamar malamai, tana kwatanta kanta da ɗan tsakon da uwarsa ta mutu. Ba ta ji kunyar wannan hoto ba. A kukan da ta yi wa A'isha kuwa har hujja ta kafa wa hawayenta, cewa Manzon Allah (SAW) bai hana zubar da hawaye ba, kururuwa ya hana.

Wannan kāriya da ta yi wa kanta tana nuna cewa tun a lokacin akwai masu ɗaga gira idan malami ya yi kuka a fili. Hujjarta kuwa ba ta da rauni. Lokacin da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi ya zubar da hawaye, ya kuma bayyana cewa ido yana kuka, zuciya tana baƙin ciki, harshe ne kawai ba zai furta abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Iyakar ke nan, kuma filin da ke cikinta yana da faɗi ƙwarai fiye da yadda marubuta da yawa suke zato.

Hawaye dai kusan kowa ya yarda da su. Inda ake ja da baya shi ne shakka, wato tambayar "don me?" da "sai yaushe?". A nan Malam Abdullahi na Gwandu ya fi kowa zama shaida. Bayan yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, da na Alwasa a 1805, ya duba jama'ar da ta rage ya ga zukata sun karkata ga mulki da dukiya. A 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar barin ƙasar, Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo gida. Baitocin da ya yi a wancan hali suna cikin Tazyinul Waraƙati, kuma kuka ne na mutumin da abokansa nagari suka tafi suka bar shi yana tambayar ko jinin da aka zubar ya haifi abin da aka nema. Shakkarsa ba a kan samuwar Allah take ba. A kan aikin da ya ba da ƙuruciyarsa take, kuma bai goge ta daga littafinsa ba.

Malaman Musulunci sun daɗe da bambanta kai kuka ga Allah da kai ƙarar Allah wurin bayinsa. Annabi Yaƙubu, wanda ya yi alkawarin haƙuri mai kyau, shi ne kuma ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya shaida wa 'ya'yansa cewa ga Allah yake kai damuwarsa. A cikin Suratul Baƙara an ba da labarin manzo da muminan da ke tare da shi, waɗanda tsanani ya girgiza har suka tambayi yaushe taimakon Allah zai zo. Ga mawaƙi, wannan bambanci yana sauka ne a kan lamiri guda. Baitin da ya ce "Kai ka san abin da na kasa ganewa" addu'a ne ko da yana rawar murya, domin mai maganar yana fuskantar Ubangijinsa. Wanda ya juya wa Ubangiji baya ya ce wa mutane "ku dubi abin da Ya yi mini" ya shiga wani gida daban. Tambaya ɗaya ce, alƙiblarta ce ta sauya.

A ɗauka wata malamar Islamiyya ce a Minanata, ƙanenta direba, 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar gabashin jihar, irin abin da ya faru a Disambar 2021 lokacin da aka ƙone matafiya cikin motarsu a yankin Sabon Birni. Bayan sadakar arba'in ta zauna za ta yi masa waƙa 'yar ƙwar biyu mai baiti talatin. Al'adar rubutacciyar waƙar Hausa ta riga ta tanadar mata mabuɗi da marufi: ambaton Allah da salati a farko, godiya da salati a ƙarshe. Wannan gata ne, tarko ne kuma. Tun da an san inda waƙar za ta sauka tun ba a fara ba, sai marubuciya ta ga kamar tawakkalin ya riga ya samu, alhali gurbinsa kawai aka ware.

Baiti biyu sun ishi mabuɗi. Kashi mafi tsoka, kamar baiti goma sha biyu, na rashin ne, kuma a nan ya kamata ta guji siffofin da za su hau kan kowane mamaci. "Mai ladabi, mai zumunci" an faɗa wa dubu. Abin da ba a faɗa wa kowa ba shi ne butar alwalarsa da take nan inda ya aje ta da asubar da ya fita, wadda har yau babu wanda ya iya zubar da sauran ruwan cikinta, ko yadda mahaifiyarsu ke ɗaga kai duk lokacin da mota ta rage gudu a bakin layi. Abu biyu ko uku irin waɗannan sun wadatar, muddin an tsaya a kansu an bar su sun yi zafi.

Daga nan sai tambaya, baiti shida ko bakwai, tana fuskantar Allah kai tsaye. Ya fita neman halal, da alwala a jikinsa, ta yaya hanya ta cinye shi? Addu'ar da uwa ta raka shi da ita har ƙofa, ina ta tsaya? Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi tambaya a ɗango na farko a ruga a amsa ta a na biyu, kamar mai tsoron a kama shi da ita a hannu. Tambayar da aka amsa cikin numfashi guda ba a yi ta ba. A bar ta ta kwana baiti da yawa babu amsa.

Akwai kuma wani abu da irin wannan mutuwa ke tilasta faɗa. Imani da ƙaddara bai wanke wanda ya harba bindiga ba, bai kuma wanke wanda aka ɗora wa tsaron hanya ya yi sakaci ba. Marsiyyar da ta haɗa ajali da zalunci ta shafe su da "haka Allah ya so" ta yi wa mamaci rashin adalci na biyu, ta kuma sauƙaƙa wa masu iko barci. Abdullahi bai yi haka ba. Ya miƙa wuya ga hukuncin Allah a kan waɗanda suka tafi, ya kuma tuhumi waɗanda suka rage. Malamar Minanata tana da damar ba wannan baiti biyu ko uku, ba tare da waƙar ta koma takardar koke ba.

Wuri mafi wuya shi ne mahaɗa, inda kuka zai juya ya zama dogaro. Kalmar "amma" ita kaɗai ba ta iya ɗaukar wannan kaya. Abin da ke ɗauka shi ne a koma ga abin da aka riga aka nuna a kashin rashi, a dube shi ta wata fuska. Butar nan da ta kasance shaidar cewa ba zai dawo ba, ita ce kuma shaidar cewa aikinsa na ƙarshe a gidan nan tsayuwa ce gaban Wanda ake tambaya. Ba a amsa "don me?" ba, kuma bai kamata a yi kamar an amsa ba. An dai gano cewa mamaci ya riga masu kuka isa hannun da suke kai wa kuka. Daga nan baitocin ƙarshe za su iya zama roƙo mai suna: gafara gare shi, barci ga uwarsa, aminci ga direbobin da gobe ma za su bi wannan hanya domin ba su da wata.

Akwai gwaji mai sauƙi. A yanke baiti biyar na ƙarshe a liƙa su a gindin marsiyyar wani mamaci daban. Idan suka zauna daram, to ba daga wannan rashi suka tsiro ba, aro aka yi, sai a sake.

Mai ja zai ce ba kowa ne Asma'u ba, kuma koya wa jama'a furta shakka buɗe ƙofa ne da ba a san inda za ta kai ba. Damuwar tana da tushe, domin akwai baitin da zai fita daga kuka ya zama saɓo, shi ya sa ya dace sabon mawaƙi ya karanta wa malami waƙarsa kafin ya rera ta a taro. Amma tambayar tana nan cikin ƙirjin wanda aka yi wa rasuwa ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Idan duk waƙoƙin da ya ji sun nuna masa cewa mumini ba ya tambaya, zai ɗauka shi kaɗai ne imaninsa ya tsage, ya haɗiye, ya nisanci addu'ar ma. Kiristocin Sakkwato sun san wannan daga Zabura: ta 13 ta fara da tambayar har yaushe, ta ƙare da dogara ga jinƙan Allah cikin ayoyi shida kacal, ta 88 kuwa ta ƙare cikin duhu, kuma ba a cire ta daga littafin ba.

Ta 88 ɗin tana tuna wa marubuci cewa lokaci ma yana da hannu a aikin. Wanda ya zauna rubutu a makon farko, ya tarar mahaɗar ta ƙi zuwa, kada ya ƙirƙiro ta da ƙarfi. Ya rubuta rashin da tambayar, ya naɗe takardar. Shari'a ta ba matar mamaci wata huɗu da kwana goma na takaba, kuma sau da yawa baiti biyar na ƙarshe sukan bukaci kwanaki kusan haka.