Kar ka yanke wa kasuwancinka hukunci da cinikin rana ɗaya

Akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani wurin masu rubuta cinikinsu a waya: yau ciniki ya faɗi, sai hankali ya tashi, gobe ya ɗaga, sai a ce kasuwa ta buɗe. Ni dai a ganina duka biyun kuskure ne. Lissafin kullum cike yake da hayaniya, ruwan sama kaɗai ya isa ya kore maka kwastomomi. Abin da ya kamata ka duba shi ne matsakaici mai tafiya.

Mu ɗauki misali. A ce shagon cajin waya gare ka a garin da kasuwarsa ke ci ran Alhamis. Wayoyin da aka kawo maka: Litinin 40, Talata 35, Laraba 38, Alhamis 70, Juma'a 55, Asabar 42, Lahadi 35. Ka haɗa su, 315 ke nan, ka raba gida bakwai, ya ba ka 45. Litinin ta zagayo aka kawo 33 kacal. Sai ka cire tsohuwar Litinin ka saka sabuwa, jimla ta koma 308, matsakaici 44. Kullum rana ɗaya ta fita ɗaya ta shigo, tafiyar ke nan. Idonka ya ga ciniki ya zube daga 70 zuwa 33 cikin kwana huɗu, alhali kasuwar da ƙyar ta motsa.

A Google Sheets na wayarka, sa kwanan wata a layin A, adadi a layin B, ka fara daga B2. A gidan C8 rubuta wannan, sannan ka kwafa shi zuwa gidajen ƙasa:

```
=AVERAGE(B2:B8)
```

To me ya sa bakwai? Nan ne nake saɓawa da masu cewa ɗauki duk adadin da ya yi maka. Gwada biyar ka gani. Litinin zuwa Juma'a zai ba ka 47.6. Juma'a zuwa Talata, in Talatar ta sake kawo 35, zai ba ka 40. Ba abin da ya samu shagonka, ranar kasuwa ce take shiga lissafin tana fita. Da bakwai kuwa, ko daga ina ka fara, Alhamis ɗaya ce a ciki, Juma'a ɗaya. Tsawon kwanakin dole ya dace da tsawon zagayen. In lissafin wata-wata kake yi, sai ka ɗauki 12.

Yanzu ga wurin da ya fi daɗi. Wannan 45 ɗin na tsakiyar makon ne, wato Alhamis. Raba 70 da 45, za ka samu kusan 1.56. Ma'ana ranar kasuwa ta ɗara rana ta yau da kullum da fiye da rabi. Ka maimaita haka na mako shida ko takwas. In kowace Alhamis tana dawowa kusa da wannan adadi, to tsari ne, ka tanadi man janareta tun Laraba. In sau ɗaya ta yi tsalle ta koma, wataƙila biki aka yi a unguwa.

Sai dai fa matsakaicin nan yana da makara. Wanda ka gani yau labarin kwana uku baya yake ba ka, don haka in wani ya buɗe shago kusa da kai jiya, ba zai nuna sosai ba sai an kwana biyu. Sannan ranar da janareta ya lalace ba ka buɗe ba, kar ka rubuta 0, bar gidan fayau. `AVERAGE` yana tsallake gidan da ba komai, amma yana lissafa sifili, kuma sifilin nan zai ja maka layin ƙasa har mako guda.

Masu ɗinki da masu sayar da yadi, ku akwai ƙarin tarko. Azumi da Sallah suna matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara a kalandar Bature. A Najeriya an yi Ƙaramar Sallah ran 10 ga Afrilu a 2024, a 2025 kuma ran 30 ga Maris. Tela da ya gwada Afrilun 2025 da na 2024 zai ɗauka kasuwa ta mutu, alhali cinikin ya koma Maris ne. Ku ƙara layi ɗaya na watan Musulunci a gefe, ku gwada Ramadan da Ramadan, kuma ku tara aƙalla shekara biyu kafin ku ce kun gano tsarin shekara.